Tayin miliyan 6 da aikin dubu 400 a wata: wanne ya fi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Albashina naira 400,000 ne a wata kafin a cire komai. A ciki tushen albashi 180,000 ne, kuɗin gida da na mota 120,000, sauran ƙananan alawus ne. Ana ba mu albashin wata na 13, da kuɗin hutu, da inshorar lafiya ni da iyali. Yanzu wani kamfani ya yi mini tayin miliyan 6 a shekara, suka ce "komai da komai". Ta yaya zan auna su?

Sani Mai Shago: Wa alaikumus salam. Malam, 400,000 sau 12 ai miliyan 4.8 ne. Ƙarin miliyan 1.2 kake gani ƙiri-ƙiri, me kake jira?

Hajiya Akanta: Sani, a hankali. Su sun ba shi jimillar abin da zai ci musu ne, kai kuma ka kwatanta da tsurar albashi. Sai a tara na tsohon wurin kamar yadda suka tara nasu.

Baban Khalifa, ɗauki takarda. Ka fara da 4,800,000. Sai fansho: dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki zuba aƙalla kashi 10, ana lissafa shi a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota. Naka 300,000 ke nan, wato 30,000 a wata, 360,000 a shekara. Wannan kuɗin ba ya shiga asusunka na banki, amma naka ne, yana asusun fanshonka da sunanka. Wata na 13 a wurare da yawa tushen albashi kawai ake bayarwa, sai ka sa 180,000. Nawa ne kuɗin hutun, kuma nawa suke biya maka inshorar?

Baban Khalifa: Hutu 216,000 ne, Hajiya. Inshora kuma na tambayi ofishin ma'aikata, suka ce 250,000 a shekara, ni da maiɗakina da yara uku.

Hajiya Akanta: To jimilla 5,806,000. Ka ga tazarar ta dawo 194,000 a shekara, wajen 16,000 a wata. Kuma wannan ma sai in inshorarsu ta haɗa da iyali. In kai kaɗai ta rufe, abin da za ka kashe wa yara a asibiti zai cinye ratar har ya wuce. Ka ce su ba ka takardar da ta rarraba miliyan 6 ɗin layi-layi kafin ka sa hannu.

Malam Auwalu: Hajiya, kin rage lissafin fansho. Kashi 18 ake zubawa, ba 10 ba. Sannan akwai inshorar rai, wadda doka ta ce ta kai ninki uku na albashin shekara. Ai miliyoyi ne, a sa su.

Hajiya Akanta: Gaskiyarka Malam, 18 ne ke shiga asusun, amma kashi 8 ɗin daga cikin albashinsa na 400,000 ake cire shi. In ka ƙara shi ka ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu. Ninki ukun nan kuwa magada ake biya in ta Allah ta kasance yana bakin aiki. Abin da za a iya sawa shi ne ɗan kuɗin da kamfani ke biya wa kamfanin inshora a kansa duk shekara, kuma tunda wuraren biyu duk wajibi ne a kansu, ni ban ma sa shi ba.

Maman Iman: Ni dai a wurin da na bari, takarda ta nuna fansho kowane wata, ashe ba a turawa. Sai da na duba bayanin asusuna na ga watanni babu ko sisi. Doka ta ce a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Ka nemi wani ma'aikacinsu ka tambaye shi ko saƙon fansho na shigo masa a waya.

Malam Auwalu: Duk da haka ni ban yarda a auna kuɗin fansho daidai da kuɗin hannu ba. Ba ka taɓa shi sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50, ko ka yi wata huɗu ba aiki a ba ka kashi 25. Da wannan tsadar, dubu 30 ta yau me za ta saya a lokacin?

Hajiya Akanta: Wannan kam magana ce. Shi ya sa nake raba takardar gida biyu: abin da ke shiga hannu bayan haraji, da abin da ake ajiye maka ko ake biya a madadinka. Baban Khalifa, ka kuma duba ko sun cusa kuɗin ƙwazo cikin miliyan 6 ɗin. In sai an cim ma wani buri ake biya, ka cire shi gefe ka sake lissafi.

Baban Khalifa: Na duba wasiƙar yanzu. Akwai 600,000 na ƙwazo a ciki, kuma ba a ambaci iyali a inshora ba. Gobe zan kira su. Allah Ya saka da alheri.

Sani Mai Shago: Amin. In za ka kira, ka tambaya ma ko suna da motar ɗaukar ma'aikata.