Lissafin rasit ya yi daidai, amma kuɗina sun yi ciwon kai

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Ranar Asabar na yi sayayya a wani babban kanti, na biya ₦19,200. Raina bai kwanta ba, don a kaina kayan ba su kai haka ba. Dama na saba ɗaukar hoton rasit, saboda rubutun irin wannan takardar gogewa yake yi in ta kwana biyu a jaka. Da dare na zuƙo hoton na tara: madara 6 a kan 850, 5,100, taliya 4 a kan 1,100, 4,400, sabulu 3 a kan 700, 2,100, garin wanki 2,300, man gyaɗa 3,200, sai wani 2,100 can ƙasa. Sau uku ina tarawa, 19,200 cif. Har na haƙura, sai 'yata ta ce, "Mama, ai sabulu uku muka ɗauko." Ashe layin ƙarshen ma sabulun ne. Rasit ya ce kaya 18, a leda 15. Na koma washegari, suka duba kyamara, suka maido min 2,100. Akwai wanda irin haka ta taɓa samu?

Tsohuwar Kashiya: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara huɗu na yi a kan na'urar buga rasit ta kanti. Kin ɓata lokaci wurin tarawa, na'ura ba ta kuskuren jimla, abin da aka ba ta shi take haɗawa. Ɓarnar tana shiga ne ta yawan kaya da farashin ɗaya, wato QTY da PRICE. Naki na san yadda ya faru: an danna 3 an haska sabulu, ƙarar "tit" ba ta fito ba ko hayaniya ta danne ta, sai aka sake. Galibi gaggawa ce, ba sata ba. Ban ce babu masu mugun hannu ba. Shi ya sa ƙirga kayan leda ya fi kalkuleta amfani.

Baban Ummi: Ni dai ƙa'idata, duk layin da na ga ya fito sau biyu, cuta ce. Ba na barin wurin sai an cire.

Tsohuwar Kashiya: A'a Alhaji, a yi hattara. In ka ɗora lemo biyu, aka haska ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, wasu na'urorin layi biyu za su buga, kuma daidai ne. Sannan ka duba ƙasan layin: in akwai VOID ko alamar ragi kamar -700, an riga an soke shi. Na taɓa shan zagi a kan layin da na soke da hannuna.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ni harajin ne ya ɗaure min kai. Na biya 10,750, aka rubuta VAT 750. Na buga kashi 7.5 na 10,750, ya ba ni 806 da ɗoriya. To ina ragowar?

Malamin Lissafi: Ɗan'uwa, babu ragowa. Harajin yana cikin 10,750 ɗin tun farko. Kuɗin kaya 10,000 ne, kashi 7.5 ɗinsa 750. In kana son gwadawa, raba jimlar da 1.075. Inda za ka ɗaga murya shi ne in farashin da ke jikin kantar kaya ya riga ya haɗa da haraji, sannan aka sake ɗora shi a ƙasa. Kuma kada ka yi mamaki in harajin ya gaza lissafinka, kayan abinci na yau da kullum kamar shinkafa ba a ɗora musu shi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan yawanci da biro ake rubutawa, kuma can kuskuren tarawar yake. Ga kuma rikicin dala: yaron shago ya ce min dala ɗari, wato sefa 500, ya rubuta 100, maigidansa ya tara da sauran a matsayin sefa. Ranar ni na ci riba, sai da na mayar.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri. Amma akwai sauran magana. Ina da yaƙinin 800 na gani a jikin kantar madara, rasit kuma 850. Gwangwani shida, naira 300 ke nan. Da na koma an canja takardar farashin, manajan ya ce dama 850 ne.

Malamin Lissafi: Wannan hoton rasit ba zai cece ki ba, sai hoton kantar. Laifi ne kuwa, a Fabrairun 2024 FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya, ta rufe wani babban kanti a Abuja kan irinsa.

Baban Ummi: A kan naira 300? Kuɗin Keke Napep ɗin komawa ma ya fi haka.

Maman 'Yan Biyu: Alhaji, ni kaɗai na sayi madara ranar?