Rubutun silaid a taron bidiyo: abin da mai kallo ta waya yake gani

Mai horas da ma'aikata: Assalamu alaikum. Ina neman gogewar waɗanda suka saba nuna silaid a taron bidiyo. Silaid ɗin da nake haskawa a zaure ba tare da kowa ya koka ba, idan na nuna shi ta Zoom sai mahalarta su riƙa cewa ba sa iya karanta jadawalin, kuma layin ƙasa yana ɓacewa. Girman rubutun lamba 18 ne. Ta yaya kuke magance wannan?

Mai zane da tsara shafuka: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya fi taimaka mini shi ne yin lissafi da wayar hannu, domin a tarukan da nake shirya wa silaid da yawan mahalarta da ita suke shiga. Silaid na PowerPoint mai tsarin 16:9 faɗinsa santimita 33.87 ne, tsayinsa kuma 19.05, alhali faɗin fuskar waya bai wuce kimanin santimita 7 ba. Idan mutum ya riƙe wayar a tsaye, silaid ɗin yana ƙanƙancewa zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar, wato rubutunka mai lamba 18 ya koma ƙasa da lamba 4, wanda babu idon da zai karanta shi. Idan ya kwantar da wayar, rubutun zai kai kusan lamba 7 ne kawai. Shi ya sa ba na sauka ƙasa da 28, wanda a kwantacciyar waya yake komawa kimanin 10, kuma tun farkon taro nake roƙon mutane su kwantar da wayoyinsu. Jadawalin da ba zai shiga silaid da wannan girma ba nakan raba shi gida biyu, ko na nuna layukan da za a tattauna kaɗai, cikakkensa kuma a tura musu daban.

Malamar makaranta: Ni kuwa lamba 20 nake amfani da ita a Google Slides, kuma ɗalibaina ba su taɓa kokawa ba, saboda haka ina ganin 28 ya yi yawa.

Mai zane da tsara shafuka: Malama, maganarmu ba ta saɓa ba. Faɗin shafin Google Slides na asali inci 10 ne, na PowerPoint kuma inci 13.33, don haka lamba 20 ɗinki ta yi daidai da kusan 27 a PowerPoint.

Jami'in kula da na'urori: Game da layin ƙasa da yake ɓacewa, mafita ita ce Malam ya ja akwatin hotunan mahalarta ya kawar da shi daga kan silaid.

Mai horas da ma'aikata: Na gwada hakan, ranka ya daɗe, amma bai canza komai ba. Daga baya na shiga taron da wayata a matsayin mai kallo, sai na ga cewa akwatin da yake tare mini allo ba ya bayyana a wurinsu. Abin da yake rufe musu ƙasan silaid shi ne maɓallan manhajar a nasu allon, da rubutun magana mai fitowa kai tsaye ga waɗanda suka kunna shi.

Mai zane da tsara shafuka: Haka ne, kuma tunda ba ka da iko da allon kowa, sai ka bar fili. Nakan kunna `Guides` a ƙarƙashin `View`, na bar kusan santimita 2 a dama da hagu, santimita 3 a ƙasa. Kusurwar sama ta dama ma nakan bar ta wayam, domin na sha ganin hoton mai magana ya zauna a can a bidiyon taron da aka naɗa.

Sakatariyar wata ƙungiya: Tawa damuwar ta motsi ce. Duk lokacin da shugabanmu ya sa silaid ya shigo yana narkewa a hankali, rubutun yakan dushe na ɗan lokaci kafin ya fito sarai, musamman idan intanet ba shi da ƙarfi. Da muka cire duk wani motsi abin ya ragu ƙwarai. Muka kuma koma nuna tagar silaid kaɗai maimakon allon gaba ɗaya, don kada saƙonnin da suke shigowa kwamfutarsa su bayyana a gaban jama'a.

Jami'in kula da na'urori: Hajiya, ki duba kuma ko an zaɓi `Optimize for video sharing` a Zoom. Wannan zaɓi yana fifita santsin motsi a kan kaifin hoto, don haka yana dusar da rubutu idan ba bidiyo ake nunawa ba. Jan rubutu siriri a kan shuɗi ma yakan fito a damalmale.

Malamar makaranta: Game da cire duk wani motsi, ina da ja. Idan na nuna duk bayanan lokaci guda, ɗalibai sukan karance su kafin na kai can, su daina sauraro, don haka ba zan iya barin fito da layi ɗaya bayan ɗaya ba. Na koma amfani da `Appear`, wanda layi yake bayyana farat ɗaya. Ko akwai wanda ya gwada shi a intanet mai rauni, ya kwatanta shi da ware wa kowane layi nasa silaid?