Me za mu kira "shan turnan" da juyar da moter mai faz uku?

Mai Bobinaj: Salamu alaikum. Ina da yara almajirai biyar a gareji nan Tawa, biyu ba su yi lakwal ba. In na ce musu "shan turnan" ko "ambarsiyon" sai su zuba mini ido. Jiya an ɗaura wa wani famfon garka moter mai faz uku, ruwa yana fitowa amma ba ƙarfi. Na musanya wayoyi biyu a akwatin moter, ruwa ya taho da ƙarfinsa. Yaro ya ce me ya canza a ciki, na rasa Hausar da zan ba shi.

Ɗan Adar: Ai baibai kawai, maigida. Kamar batir ne, ka sa filis a wurin muwan, sai kuran ya koma baya.

Malamin Lantarki: Ɗan Adar, baibai ɗin ta yi, amma batun batir bai shiga nan ba. Kuran na gari ba shi da filis da muwan tsayayyu, a kowace waya yana zuwa yana komawa sau 50 a daƙiƙa. Abin da ya bambanta wayoyin uku shi ne lokaci: L1 ta kai ƙololuwa, sai L2, sai L3, tsakaninsu sulusin zagaye, digiri 120. Naɗin waya uku na cikin moter su ma an jera su a kewaye. To ƙarfin mayen ƙarfe yana tashi a naɗi na farko, ya koma na biyu, ya koma na uku, kamar ana miƙa ƙwarya a da'ira. Babu ƙarfen da ya motsa, ƙarfin ne ke kewayawa, rotor kuma, ƙarfen tsakiya mai juyawa, yana bin sa a baya. In ka kai L2 kan W1, bakin naɗi na uku, L3 kan V1, bakin na biyu, ƙwaryar za ta bar na farko ta je na uku kafin na biyu. Ƙarfinsa bai ragu ba, gudunsa bai canza ba, hannun da yake bi ne ya sauya. Ni "mayen ƙarfe mai kewaya" nake cewa.

Hajiya Mai Niƙa: Malam, to ni injina na gero da yake gurnani ya ƙi tashi sai an tura bel da hannu, shi ma baibai ne?

Malamin Lantarki: A'a Hajiya. In mai faz uku ne, da alama faz ɗaya ta yanke. Da biyu kaɗai ƙarfin ba ya kewayawa, bugawa yake a wuri guda, shi ya sa duk inda aka tura shi can zai bi. Ki kashe shi a duba fizibil, kada naɗin ya ƙone.

Mai Bobinaj: Mayen ƙarfe mai kewaya ta yi tsawo, amma yara za su gane. Wani ya ce mini guguwa, na ƙi, don guguwa ba ta da ƙa'ida, wannan kuwa gudunsa a ƙirge yake: moter mai fol huɗu, zagaye 1500 a minti, rotor wajen 1450. Saura juyarwar. "Juya" kaɗai tana rikita su, moter ai kullum juyawa yake.

Ɗan Adar: To a ce juya akala. Kuma ni in zan yi, duka ukun zan musanya, a tabbata.

Malamin Lantarki: Juya akala ta burge ni, don akalar ake juyawa raƙumi ya biyo, ba raƙumin ake ɗagawa ba. Amma ƙane, in ka matsar da ukun kowace zuwa gurbin gaba, jerin bai canza ba, moter zai bi hannunsa na dā. Biyu kawai, kowaɗanne biyu. Kuma a yanke kuran tukuna. In aka juya akala moter yana cikin gudu, mayen ƙarfen ya koma 1500 ta can, rotor yana 1450 ta nan, tazararsu ta kusa 2950. Kuran da zai ja ya zarce na tashi, wanda dama yakan kai ninki shida ko bakwai na kuran da yake ja a aikinsa na kullum, ga fizga a kan bel da aks. A kwafare kuwa ana sa kwantaktar biyu, KM1 ta hannu ɗaya, KM2 ta ɗayan, da kulle tsakaninsu don kada su kama tare. In suka kama tare, faz biyu sun haɗu kai tsaye.

Mai Bobinaj: Na ɗauki juya akala. Kullen nan fa? Yara "baruyaj" suke cewa.

Hajiya Mai Niƙa: Sakata mana.

Malamin Lantarki: Sakata ƙofa ɗaya take rufewa, Hajiya, wannan kuwa buɗe ɗaya ne ke rufe ɗayar. Bari in kwana da ita.