Sanarwar kasuwa: izini, lasisi ko yarda?

Nasiru: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma, an ba ni sanarwa da Turanci in mayar Hausa, za a liƙa a kasuwa a kuma yi shela da lasifika ranar Laraba. Ga abin da na rubuta: "An haramta gudanar da tijara a gefen titi. Wajibi ne kowane mai rumfa ya sabunta izininsa, ya biya harajin rumfa. Wanda ya saɓa wa wannan shari'a zai fuskanci uƙuba." Ogana ya karanta ya ce huɗuba na rubuta ba sanarwa ba. Shi so yake a sa lasisi da rebenu da oda. Ni kuma ina jin kunyar cika takardar hukuma da Turanci. A ba ni shawara don Allah.

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Kai da oganka duk kun kauce. Larabci aro ne, Turanci aro ne. Ka zubar da su duka ka rubuta Hausa tsantsa ta kaka da kakanni: hukuma ta hana, a biya haraji kafin wa'adi ya cika. Shi ke nan.

Malam Sabo: Baban Ummi, ranka ya daɗe, kalmomi uku ka kawo a matsayin Hausa tsantsa, hukuma da haraji da wa'adi, kuma dukansu Larabci ne. Ita kanta Larabar da za a yi shelar haka. Kasuwa ma masana na cewa ta Barebari ta iso mana, tushenta Larabci. Wannan ba aibu ba ne, sun zauna ne har sun zama 'yan gida. Shi ya sa ni na daina tambayar daga ina kalma ta fito. Abin da nake tambaya shi ne, da ta shigo Hausa wane aiki aka ba ta.

Nasiru, ɗauki izini da lasisi. Ba kishiyoyi ba ne, kowacce da ɗakinta. Izini ana bayarwa da baki: mai unguwa ya ce maka je ka kafa tebur, ka sami izini. Lasisi kuwa takarda ce da aka biya kuɗinta, tana da lamba da hatimi, tana da ranar ƙarewa. Idan ka rubuta "ya sabunta izininsa", mai rumfa zai ce ai Sarkin Kasuwa ya ba ni izini tun shekara goma, kuma bai yi ƙarya ba. A nan oganka ya fi ka gaskiya, lasisi za ka sa.

Baban Ummi: To na ji, Malam. Amma "yarda" fa? Ita dai ba wanda zai ce daga Makka ko Ingila ta zo.

Malam Sabo: Yarda ɗin ma tushenta Larabci ne, kuma ta fi izini sako-sako. Ana yarda da gyaɗa kai. Tana aiki a cikin yarjejeniya, ba a takardar da ma'aikaci zai ce ciro mu gani ba.

Anti Rifkatu: Ni ba malamar Hausa ba ce, amma shekarata 22 ina sayar da atamfa, kuma irinmu ake wa sanarwar. Ɗana Nasiru, cire "shari'a" ɗin nan. A bakinmu shari'a abu biyu ce: ko dai zaman kotu, kamar a ce ana shari'a da wane kan fili, ko kuma shari'ar Musulunci. Idan kasuwarku irin tamu ce, akwai Kirista, akwai Ibo masu kayan gyara da suke jin Hausa sarai. Wani zai ji shelar ya ce wannan ba da ni ake ba. Wani kuma ya ɗauka Hisba ce za ta zo. Ka ce doka, kowa ya san ta hau kansa.

Malam Sabo: Anti Rifkatu ta gama magana a kan wannan. Haka "an haramta". 'Yan jarida sun saba da ita, kullum muna jin haramtacciyar ƙungiya, an haramta zanga-zanga, don haka ba kuskure ba ce. Amma a lasifika, a kunnen tsohuwa mai daddawa, haram na nufin zunubi. Kasa tumatir a bakin titi ba zunubi ba ne, hani ne na hukuma. "An hana" ta isa, ta kuma fi gajarta. Uƙuba kuwa azaba ce, mai ji sai ya tuna kabari. Me Turancin ya ce za a yi wa mutum?

Nasiru: Kuɗi zai biya, naira 5,000. In ya sake a kwashe kayan.

Malam Sabo: To tara ce. Za a ci shi tara. Ka ga nan ba Larabcin ba Turancin, kalmar gida ce ta yi nasara, saboda ita kaɗai ke nufin hukuncin da ake biya da kuɗi. Ko "hukunci" ka sa ka bar mutane cikin duhu, bulala ce ko ɗauri ko kuɗi.

Ɗan Asabe: Salam. Tunda ana maganar lasisi, don Allah nawa ake sabunta na Keke yanzu? Nawa ya mutu tun azumi.

Anti Rifkatu: Ɗan Asabe, ba ofishin lasisi ba ne nan. Amma ka ga ka taimaka, "nawa ya mutu" ka ce. Ba wanda zai ce izininsa ya mutu.

Ɗan Maraɗi: Ina wuni jama'a. In ƙara wani abu, in kasuwar taku ta kusa da iyaka ce. Kalmar Larabci tana ƙetare iyaka ba a tambaye ta takarda, ta Turanci kuwa a Jibiya take tsayawa. Haraji, wa'adi, majalisa, alƙali, duk mun san su. Amma mu abin da kuke kira ofis biro muke cewa, lasisin tuƙi farmi, haraji kuma tsofaffinmu lanho suke ce masa, daga Faransanci. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025 wannan gardama ta taso mana mu ma, wanne za a rubuta. Ni shawarata ka fi karkata ga Larabcin, shi ne ya haɗa mu.

Nasiru: Yaya, mu muna can ƙasa wajen Zariya, ba mu da baƙin Nijar sosai sai masu shanu ranar kasuwa.

Malam Sabo: Maganar Ɗan Maraɗi tana da ƙarfi ga wanda ke rubuta wa rediyon da ake ji daga Agadas har Kumasi. Sai dai a bambance. Akwai Larabcin da ya shiga kasuwa, akwai wanda ya tsaya a zauren malamai. Wa'adi ya shiga kasuwa. Tijara ba ta shiga ba, mai kayan miya kasuwanci ta sani, ko saye da sayarwa. Ba na jin a Maraɗi ma mai tallar goro tana cewa tijara take yi.

Ɗan Maraɗi: A'a wallahi, sai dai a wa'azi.

Hajiya Binta: Ni inda ban yarda da ku ba shi ne harajin rumfa. Na yi aiki a baitulmalin ƙaramar hukuma har na yi ritaya, na ga yadda kalmar nan ke ta da jijiyar wuya. Dattawa haraji a wurinsu shi ne kuɗin kai na zamanin En'e, wanda dagaci ke bi gida-gida, mutum ya sayar da akuyarsa ya biya. Shi da jangali ne gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke da suka hau a 1979, kuma har yau akwai masu tuna murnar da aka yi. Wata shekara aka buga mana rasit da "harajin rumfa" a kai, sai ga wani tsoho mai sayar da igiya ya zo da sandarsa har teburina, ya ajiye rasit ɗin ya ce, 'yata, yaushe aka dawo da haraji ba a gaya mana ba? Na fi rabin awa ina masa bayani cewa kuɗin hayar rumfar hukuma ne. Ka rubuta "kuɗin rumfa" kawai. Abin da suke kiransa ke nan su ma.

Baban Ummi: Hajiya, amma ai yanzu kowa na cewa hukumar tara haraji, ba wanda ya ɗauko sanda.

Hajiya Binta: Wancan sunan ma'aikata ne, Alhaji. Kuma kuɗin rumfa ba haraji ba ne ma a lissafi, haya ce, shafinsu daban a littafinmu. In ka kira haya haraji, gobe in an zo karɓar harajin gaske sai ya ce ya riga ya biya, ga rasit.

Anti Rifkatu: Rasit ɗin ma a bar shi rasit. Na taɓa ganin an rubuta "takardar shaidar biyan kuɗi", sai da na karanta sau biyu.

Malam Sabo: Ga abin da zan ba ka ka riƙa dubawa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna kalmar da ta fito daga Larabci ko Turanci, kuma za ka ga wadda ta daɗe a bakin mutane, sai dai tsoho ne, kar ka ɗauko gawa daga ciki. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa zuwa Hausa ne, shi zai nuna maka iyakar ma'ana. Bayan su, kafin a buga, karanta wa mai gadinku ko mai kawo muku abinci, kar ka tambaye shi ko ya gane, don zai ce e. Tambaye shi me aka ce ya yi, yaushe, in bai yi ba me zai same shi. Inda ya yi tuntuɓe nan kalmar take da matsala.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Ga sabon: "Ƙaramar hukuma tana sanar da 'yan kasuwa cewa daga ranar 1 ga wata an hana kasa kaya a bakin titi. Kowane mai rumfa ya sabunta lasisinsa, ya biya kuɗin rumfa kafin ranar 30, ya karɓi rasit. Wanda ya karya wannan doka za a ci shi tarar naira 5,000, in ya sake a kwashe kayansa." Na karanta wa Baba mai gadi, ya maimaita duka daidai, sai dai ya tambaye ni wane wata, na Bature ko na sama.

Hajiya Binta: Ka ji ko. Sa sunan watan.

Nasiru: Na sa Yuli. Oga ya yarda da komai ban da abu ɗaya, ya ce dole a rubuta cewa 'yan rebenu ne za su karɓi kuɗin, don kar 'yan damfara su riga su. Ni na sa jami'an tara kuɗin shiga.

Anti Rifkatu: Mu 'yan rebenu muka sani.

Malam Sabo: A takardar da ke ɗauke da hatimin hukuma ni ba zan iya rubuta 'yan rebenu ba, kusan zagi ne a kasuwa. Ma'aikatan kuɗin shiga masu katin shaida.

Anti Rifkatu: Malam, kai ka rubuta naka a takarda. Mai lasifika dai na san abin da zai faɗa ranar Laraba.