Taƙaitawa: Sa VPN a kan rauta a gidajen Gombe

1. A tattaunawar da aka yi kan sa VPN a rautar gida, kowa ya yarda: idan VPN na kan rauta, talabijin da wayoyin gida duk sun shiga ciki, ba sai an sa manhaja a kowace ba.

2. Ƙananan MiFi da yawa ba sa iya wannan. Sai a haɗa rauta mai OpenWrt a bayansu, wato manhajar sarrafa rauta da ke ba da damar sa VPN.

3. Cikin hanyoyin haɗa VPN, an fi yabon WireGuard a kan OpenVPN, don rauta mai rauni tana jan ƙafa da OpenVPN. Idan shafuka suna maƙalewa rabi, rage MTU na WireGuard, wato iyakar girman kowane ƙunshin bayanai da ake aikawa, daga 1420 zuwa 1280.

4. Inda aka rabu shi ne manhajar banki. Wasu sun ce tana ƙin buɗewa idan ta ga adireshin intanet na ƙasar waje da VPN ke nunawa, wasu ba su gani ba. Ni dai zan cire wayar banki daga VPN ɗin.