Ta huta amma aikin bai dawo mata a rai ba, wace shawara za mu ba ta?

Maman Amira: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata malamar makaranta ce, shekararta 9 tana koyarwa. An yi dogon hutu ta samu barci, har ta murmure. Ranar da aka koma aji sai ta ce ji take kamar ba ta taɓa hutawa ba. Tana maganar ajiye aikin, mu kuma a gida muna cewa ta ƙara haƙuri. Ta yaya ake gane gajiyar da hutu ke maganinta da wadda ke nuna hanyar ce ba ta dace ba?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Barci ne da motsa jiki, Yaya. Ta riƙa samun awa 7 zuwa 8, ta daina zuwa gida da takardun maki. Duk ma'aikaci yana jin haka bayan hutu.

Malam Nasiru: Kabiru, rabin maganarka daidai ne, barcin dole ne. Amma akwai abin da ka tsallake. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar aiki irin wannan a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka daɗe ba a magance ba, kuma ta ce fuska uku gare ta: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara raina shi, sannan ya riƙa jin ba ya taɓuka komai. Barci na farkon yake gyarawa. Na biyun ne abin dubawa a nan.

Maman Amira, ki tambaye ta yaushe gajiyar ta dawo. Amfanin hutu dama yakan zagwanye cikin mako biyu zuwa huɗu, yawancin mutane haka suke. Wanda ya koma da ɗan karsashi, sai a mako na uku ya fara sanyi, yawan aikin ne ke cinsa, a rage masa kaya zai miƙe. Wanda kuwa gabansa ya fara faɗuwa tun ana saura kwana biyu a koma, ya shiga aji da ƙarfin jikinsa amma ko kallon allo ba ya son yi, to jikin ya huta, ran ne ya ƙi. Ƙarin hutu ba zai yi masa komai ba.

Hajiya Binta: Kafin a kai ga maganar canza sana'a, ta fara zuwa asibiti. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, ciwon suga da yankewar numfashi cikin barci duk suna kawo kasala irin wannan, kuma gwajin jini yana fitar da ukun farko. Sai ciwon damuwa. Alamar da zan ce ku lura da ita: shin a cikin hutun tana dariya, tana cin abinci, tana sha'awar fita da hira? In eh, matsalar tana manne da aikin. In kuwa komai ya fice mata a rai, gida da waje, kusan kullum har mako biyu ko fiye, to ko ta sauya aiki da abin za ta tafi. In ta taɓa furta cewa gara mutuwa, a kai ta wurin likita a ranar, kada a jira.

Malam Nasiru: Haka ne Hajiya. Sai dai iyakar da ke tsakanin gajiyar aiki da ciwon damuwa ba a sarari take ba, masu bincike ma ba su gama shan kan wannan ba. Ana iya samun duka biyun a jikin mutum ɗaya.

Sadiya: Idan sana'a take nema akwai kwasa-kwasan koyon zanen kwamfuta na wata uku, zan iya turo muku.

Maman Amira: Na gode Sadiya, ba mu kai nan ba tukuna. Hajiya, a hutu lafiyarta ƙalau, ita ce ma mai sa mu dariya. Malam, tun daren jajibirin komawa ta kasa barci.

Malam Nasiru: To saura a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: wurin aikin ne, ko aikin kansa? Masu bincike kan gajiyar aiki, Christina Maslach da Michael Leiter, sun lissafa wurare shida da ma'aikaci ke saɓawa da aikinsa: yawan kaya, rashin ta-cewa, sakamakon da bai kai wahalar ba, zama da abokan aiki, rashin adalci, da kuma saɓanin abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci. Biyar na farko yawanci halin ma'aikatar ne, sauya makaranta ko shugaba na iya warware su. Na shidan shi ya fi zurfi.

Ga abin da za ta yi. Ta samu ƙaramin littafi na mako uku. Kowane aiki ta gama, ta rubuta awa nawa ya ci, ta sa masa alamar ƙari in ya bar ta da kuzari, alamar ragi in ya zuƙe ta. A take za ta rubuta, domin in ta bari sai dare gajiya za ta shafa wa komai baƙin fenti. A ce makonta awa 40 ne: 22 a gaban aji, 10 maki da cike takardu, 5 taro, 3 tsara darasi da taimaka wa sababbin malamai. In ragin ya taru a kan awa 15 na takardu da taro, ajin kuwa yana mata daɗi, kada ta bar koyarwa, wuri za ta sauya ko ta nemi a rage mata. In kuwa awa 22 ɗin nan ne ke zuƙe ta, har a ajin da yara ba su da yawa kuma suna da natsuwa, to jigon aikin ne ya ƙi ta. Sai ta duba ina ƙarin ya faɗa. In a kan awa ukun nan ne, hanyarta ta nufi tsara manhaja ko horar da malamai, kuma shekara taran ba su tafi a banza ba.

Kabiru: Mako uku bai yi kaɗan ba? In ya faɗa lokacin jarrabawa komai ragi zai samu.

Malam Nasiru: Ka yi gaskiya. Ta kauce wa makon jarrabawa da makon farko na zango.

Hajiya Binta: Ni zan fi so ta yi zango guda cur. Kuma kada ta rubuta takardar ajiye aiki a makon da ta fi galabaita, wanda ya gaji kowace ƙofa ya gani sai ya ɗauka mafita ce. Ta tara abin da zai riƙe ta wata uku zuwa shida. Ta zauna da mutum uku masu yin aikin da take hange, ta tambaye su yadda Talatarsu take wucewa daga safe zuwa yamma, da abin da suka fi tsana a ciki. Sannan ta ɗanɗana: ta karɓi horar da malamai na yini guda, ko ta rubuta tsarin darasin zango ɗaya. Da yawa sai sun tsallaka suke tarar da cewa sabon aikin ma rabinsa taro ne da takardu.

Malam Nasiru: Zango guda ya yi tsawo ga wadda ba ta barci, Hajiya. Littafin zai nuna inda aka dosa kafin nan.

Maman Amira: Zan kai mata duka biyun ta zaɓa. Gobe dai asibiti za mu fara. Hajiya, gwajin maƙoƙon sai mun roƙa ne ko likita zai rubuta da kansa?

Hajiya Binta: Ta faɗa masa tsawon lokacin da ta ɗauka tana jin kasalar, ta kuma ambaci gwajin da bakinta, ba kullum ake haɗa shi da sauran gwaje-gwajen jini ba.