Ruwa a kewayen huhu: me ya sa numfashi ke ɓacewa a wajen?

Ɗalibar jinya: Salamu alaikum. An kwantar da saurayi ɗan shekara 28, mako uku yana zazzaɓi da zufar dare. Ƙasan ƙirjinsa na dama ba a jin numfashi, in an ƙwanƙwasa kuma sai ka ji dum kamar bango. An ce ruwa ne. Daga ina ruwan yake, kuma me ya canza sautin?

Ma'aikacin lafiya: Ai nimoniya ce ta cika huhun. Kuma ruwa ba ya ɗaukar sauti, shi ya sa.

Likitan ƙirji: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ruwan nan ba a cikin huhu yake ba. Tsakanin huhu da bangon ƙirji akwai tantani biyu, da ɗan ruwan da bai wuce mililita 20 ba don su riƙa zamewa. A nan yake taruwa, ya gangara ƙasa, ya matse gindin huhun. Kuma ruwa yana ɗaukar sauti sarai. Abin da ya faru shi ne huhun da aka matse ba ya shan iska, ɗan sautin da ya taso kuma yana komawa baya idan ya iso iyakar iska da ruwa, bai kai ga kunnenki ba.

Ƙwanƙwasawar kuwa, ki gwada da jarkar da ke da ruwa rabi. Sama tana amsawa, ƙasa shiru. Ki zaunar da shi, ki fara daga sama ta baya kina sauka tsakanin haƙarƙari, kina kwatanta dama da hagu, za ki ji inda sautin ya mutu. Sai ki ɗora tafin hannu, ya yi magana. A nimoniya girgizar muryar ƙaruwa take, a kan ruwa raguwa take. Ki lura, daf da saman ruwan za ki iya jin numfashi mai kaushi irin na nimoniya, kada ya ruɗe ki.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Asalin ruwan hanya biyu ne. Ko dai ya tsatso daga jijiyoyi saboda gazawar zuciya, ko ƙarancin furotin a ciwon hanta da ƙoda. Na zuciya yakan kama gefe biyu, da kumburin ƙafa. Ko kuma tantanin ne ya kumbura saboda tibi, nimoniya ko cutar kansa. Idan furotin ruwan ya haura rabin na jini, na biyun ne. Saurayi, gefe ɗaya, zufar dare: tibi zan fara nema, ko da majina ba ta nuna komai ba.

Likitan ƙirji: Haka ne, sai dai a duba ko mugunya ce. Kuma kada a zuƙe fiye da lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, huhun da ya buɗe da gaggawa yana iya kumbura.

Ma'aikacin lafiya: To in an yi wa ruwan gwajin GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, shi ma bai nuna ba, a fara maganin tibi ko a jira?